Kwarkwaro Goma da Fil Goma Sha Biyu

Shekarata hamsin da uku lokacin da matata Silifa ta sami ciki, kuma ni ne na ƙarshe a gidanmu da ya sani. Yayata Simbiatu ta gane tun daga yadda Silifa ke kawar da kai in an soya manja. Matar maƙwabcinmu ta gane daga tafiya. Ni kuwa, masaƙin da ke alfaharin yana hango zare ɗaya da ya karkace daga nesa, sai da aka zaunar da ni aka faɗa mini da baki. Na miƙe don in yi godiya ga Allah, na buga kai a sandar masaƙa, na koma na zauna.

A Iseyin, garinmu na ƙasar Yarbawa, ba a shelar ciki. Ba a faɗin watan haihuwa, ba a sayen ko ɗan kamfai na jariri sai an gan shi da ido. Don haka farin cikina ya rasa mafita, ya koma cikin ƙafafuna. Na riƙa saƙa kamar ɗan shekara ashirin, ina gaida mutanen da na riga na gaisar, ina dariya a inda babu abin dariya. Abokan saƙata a rumfa suka ce ko dai ni Lasisi na ci caca ko na soma taɓuwa. Na bar su a kan na biyun.

Silifa ba ta yi dariya tare da ni ba. Shekara tara kafin nan ta taɓa ɗaukar ciki har wata takwas. Wata rana ɗan ya yi shiru, manya suka ce hutawa yake yi kafin tafiya, a bar shi. Aka bar shi kwana biyu. Da muka je asibiti babu sauran abin da za a yi. Daga nan ba mu sake samu ba, muka daina maganar, na ɗauka daina magana shi ne warkewa. Yanzu tana da shekara arba'in da ɗaya, kuma kullum na shigo sai in tarar da hannunta a kan cikin, fuskarta kamar mai sauraron ƙofa. Abinci ya rage. In na tambaya ta ce lafiya lau, ni ma in ce madalla, mu ci gaba da yi wa juna ƙarya cikin ladabi.

Yaya Simbiatu ce ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma har yau in zan gaishe ta sai ƙirjina ya kusa taɓa ƙasa, duk da gwiwoyina sun soma shigar da ƙara. Ta tare a gidanmu ba tare da an gayyace ta ba, ta zo da dokoki. Babbarsu ita ce mai ciki ba ta fita da tsakar rana, don a lokacin ne masu yawon da ba a gani suke neman cikin da za su shiga su kori ɗan mutane. In fita ta zama dole, a maƙala fil mai kulle a gefen zane, ko a ƙulle ɗan dutse a haɓarsa. Yaya ta sayo fil kati guda. Ban yi gardama ba. Fil bai taɓa cutar da kowa ba, sai wanda ya zauna a kansa.

Ranar Laraba ake awon ciki a asibitin haihuwa na unguwarmu. Na raka Silifa ran farko da niyyar in ajiye ta in koma, sai na ji matan sun ɓarke da waƙa da tafi a zauren jira, mata kusan arba'in, kowacce da tulunta a gaba, suna rawa suna roƙon sauka lafiya. Na tsaya leƙe ta taga. Unguwarzomar da ke ba da waƙar, wata doguwa mai furfura da ake kira Sista Ronke, ta hango ni ta ce a shigo da baban nan a ji cikinsa wata nawa ne. Tun daga ranar matan suka sa mini suna Mai Ciki na Biyu. Ina da tumbi, ban da hujjar musu.

Sista Ronke ce ta fasa ƙwan. Ta auna jinin Silifa, ta duba fitsari, ta ja tef daga ƙashin mara zuwa saman ciki, sannan ta ajiye biro ta tambaye ta abin da take tsoro. Silifa ta ce babu. Sista ta ce to ita tana da lokaci, babu ɗin ma za ta jira shi. Sai Silifa ta fashe da kuka, ta faɗi komai: tana tsoron ɗan zai yi shiru kamar na farko, tana tsoron shekarunta, tana tsoron wuƙar likita, tana rage cin abinci don kada ɗan ya yi girma a yanka ta, har ƙwayoyin ƙarin jini tana zubarwa a bayan ɗaki saboda an ce suna ƙara wa jariri kai. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita ban san ko ɗaya ba.

Sista ba ta ce mata ta daina tsoro ba. Ta ce wadda ta taɓa binne ɗa dole ta ji tsoro, abin da za a yi shi ne a ba tsoron aiki, in ba haka ba shi zai ba ta. Ƙwayoyin jini, in ji ta, ba sa kumbura kan kowa. Jinin uwa suke ginawa, don ta iya jure abin da za ta zubar ranar haihuwa. Yunwa kuma ba ta sauƙaƙa naƙuda, raunana uwa da ɗa take yi. Daga nan ta shafa wani mai sanyi a cikin, ta ɗora wata 'yar na'ura, ta murɗa sauti. Muka ji wani abu yana bugawa da sauri, caka-caka-caka, kamar ƙoshiyar saƙa a hannun yaron da ke son burge ubangidansa. Ta ce ɗari da arba'in da shida a minti, kuma daga ɗari da goma zuwa ɗari da sittin duk daidai ne. Na tambaya ko a sake kunnawa. Aka sake. Na sake tambaya, aka nuna mini ƙofa.

Daga nan aka raba mana aiki. Duk tambayar da ta taso wa Silifa a mako, kada ta kwana tana juya ta, ta faɗa mini in rubuta, mu kawo ranar Laraba. Na sayi littafi, kuma in faɗi gaskiya kashi biyu cikin uku na tambayoyin nawa ne. In zuciyarta ta soma gudu, ta ja numfashi ta hanci tana ƙirga huɗu, ta sake shi a hankali ta baki tana ƙirga shida, har kafaɗu su sauka. Mu riƙa tattaki da la'asar sakaliya. Sannan a rufe ƙofa ga masu labarin wadda ta mutu a naƙuda, domin akwai matan da in suka ga mai ciki sai duk gawarwakin da suka sani su taso musu. Wannan aikin nawa ne, na kuma yi shi da ƙwazo har wata gwaggon Silifa ta daina amsa gaisuwata.

Wata Larabar Sista ta zagaya da mu ɗakin haihuwa, ta nuna gadon, fitilar, inda ake ɗora jariri, har ƙofar ɗakin tiyata. Da ta ga Silifa ta kawar da kai, sai ta sa ni na juya baya, ta nuna mata wani abu. Daga baya Silifa ta gaya mini tabo ne siriri a ƙasan mara, 'ya'yan Sista biyu ta nan suka fito, ɗaya har ya yi aure. Allura ake yi a baya, ƙasan jiki ya mutu, uwa tana farke ta ji kukan ɗanta. Aka sa muka tanadi mota, wato ta maƙwabcinmu Alabi direba, da jaka, da mai ba da jini. Jinina ya dace da nata. Na ba da leda guda a ajiye, na miƙe da fara'a, na farka a ƙasa wata mai cikin wata tara tana yi mini fifita.

Babban darasin ya zo da cikin ya cika wata bakwai. Sista ta ce daga yanzu ɗan yana da tsarinsa na motsi, kuma babu wanda zai san shi sai uwarsa. Yana barci, amma barcinsa minti ashirin ne zuwa arba'in, da wuya ya wuce awa ɗaya da rabi. In Silifa ta ji kamar ya yi sanyi, ta kwanta a gefen hagu, ta nutsu, ta ƙirga. Shuri, juyi, zillo, duk motsi ne, ban da shaƙuwa. In ba a kai goma cikin awa biyu ba, ko kuma ta ji tsarin ya canja ƙwarai, ta taho. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Jariri ba ya rage motsi don haihuwa ta kusa. Wuri na iya ƙarewa, salon motsin ya canja, amma ba ya hutawa. Duk wanda ya ce ku jira gobe, ku gaishe shi ku wuce."

Silifa ta ce in tana tsoro lissafi ɓace mata yake. A nan ne, sau ɗaya a tarihin aurenmu, na yi dabara. Na kawo kwarkwaro goma daga rumfa, irin waɗanda muke naɗe zare a kai mu sa a ƙoshiya, da kwano biyu. Duk motsi ɗaya, ta ɗauki kwarkwaro daga wannan kwano ta jefa a wancan. Ɗan namu kuwa ma'aikaci ne. Da ta sha koko da alale da safe, ni kuma na soma buga masaƙa a tsakar gida, sai in ji ƙwal, ƙwal a kwanon ƙarfe. Yawanci kafin minti ashirin goma sun cika. Na dawo da masaƙata gida musamman don wannan ƙarar. Silifa ta soma cin amala da miyar ewedu, wato lalo, kamar mai ramuwa, ta soma yi wa ɗan faɗa in ya tokare mata haƙarƙari, tana cewa halin ubansa ne, ba ya zama wuri ɗaya kuma ba ya tsinana komai.

Sau ɗaya, a wata na takwas, kwanon ya yi jinkiri, muka ruga asibiti ina sanye da takalmi ƙafa ɗaya nawa ƙafa ɗaya na Yaya. Ana ɗora na'ura ɗan ya harbe ta. Na soma ba da haƙuri, Sista ta ce in riƙe haƙurina, yawancin masu zuwa haka lafiya ake samu, kuma ta fi son mu zo sau goma a banza da mu ƙi zuwa sau ɗaya.

Akwai abin da nake yi a ɓoye. Na ɗora zare shuɗi mai duhu da ratsin ja, na soma saƙa majanyi, irin faffaɗan nan da ake ɗaure goyo da shi. Na san haramun ne a wurin Yaya, tanadi tun ba a ga ɗa ba. Na ce mata odar wani ɗan Ibadan ce. Ta dubi faɗin, ta dube ni, ta ce ɗan Ibadan ɗin nan yana da ƙaramin ƙugu. Na gama, na haɗa ƙyallayen, na ɓoye ƙarƙashin kujerar masaƙa, ina zama a kai kamar kaza.

Ranar wata Alhamis, saura mako biyu lissafin asibiti ya cika, na soma saƙa da safe ban ji kwano ba. Na ƙara ƙarfin bugu. Shiru. Na leƙa ɗaki na tarar Silifa ta riga ta kwanta a gefen hagu, kwano biyu a gabanta, tana jan numfashi huɗu tana sakin shida. Ta ce ta fara ƙirga ƙarfe goma da rabi. Na zauna a bakin ƙofa ina kallon agogo. Ƙwal ɗaya wajen sha ɗaya. Wani bayan rabin awa, shi ma ta ce mai rauni ne. Sha biyu da rabi ta yi, kwarkwaro uku ne a kwano na biyu.

Rana tana tsaka, ko inuwar katanga babu. Yaya ta tsaya a ƙofa ta ce babu inda za a je sai la'asar. Ta ce ɗa in ya kusa fitowa tattara ƙarfi yake yi, ita ta haifi shida ta sani, kuma fitar da cikin wata tara a wannan rana tsaka kamar kai nama kasuwar kuraye ne. Ba mugunta ba ce. Idonta cike yake da tsoro, irin namu, sai dai nata tsoron yana waje a kan titi, namu yana cikin ɗaki. Ni kuwa, wanda bai taɓa ce mata a'a ba tun ina yawo ba wando, na tsaya tsakaninsu ina buɗe baki ina rufewa.

Silifa ce ta tashi. Ta durƙusa a gaban Yaya da ƙyar, gwiwa biyu, ta ce, "Iya, wancan karon an ce in jira, na jira. Ki yafe mini, yau ba zan jira ba."

Sai bakina ya buɗe. Na ce Yaya, ai ke kika ce in fita ta zama dole akwai fil. Ta ce fil ɗaya na tsallaka tsakar gida ne, ba na ratsa gari ba. Na ɗauko katin gaba ɗaya, na durƙusa na soma maƙala wa Silifa a gefen zane, na soki yatsana sau biyu, har goma sha biyu suka ƙare. Na ce in dutse ake so, ga dutsen da ke jan zaren masaƙata, zan ɗauka a ka. Yaya ta ce ban da hankali tun ina yaro, kuma kan Silifa fa, a rana zai tafi? Na waiga babu mayafi kusa, na fizgo abin da ke ƙarƙashin kujerata na lulluɓa mata. Sai da ya baje na tuna ko mene ne.

Yaya ta dubi majanyin. Ta dube ni. Ta ce, "Ɗan Ibadan." Sannan ta tsuguna ta tsinci ɗan dutse, ta ƙulle a haɓar zanen Silifa da hannunta, ta ce in kira Alabi, me nake jira, sai an haihu a kan ƙafata?

A mota Yaya tana addu'a da ƙarfi, Alabi yana hon, Silifa tana ƙirga numfashinta, ni ina rungume da kwano biyu da ban san dalilin ɗauko su ba. Sista Ronke ba ta tambayi komai ba sai adadi. Silifa ta ce uku cikin awa biyu. Aka kwantar da ita, aka ɗora na'ura. Sista ta matsa nan, ta matsa can, ba a jin komai sai shuuu. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san na tsufa a ciki. Sai ga shi, caka-caka-caka. Yaya ta zauna a ƙasa daɓas.

Amma Sista ba ta sallame mu ba. Ta ce jin bugun zuciya na minti ɗaya bai isa ba. Aka ɗaura wa Silifa bel biyu a ciki, wata na'ura ta riƙa zana layi a takarda kusan rabin awa. Lafiyayyen ɗa, in ji ta, layinsa hawa da sauka yake, yana zabura in ya motsa. Namu ya kwanta sumul, har sau biyu ya nutsa ƙasa. Likita ta zo ta yi hoton ciki, ta ce ruwan da ɗan ke ciki ya ragu sosai, alamar mabiyiya ta soma gajiya, abinci da iska ba sa isa yadda ya kamata. Shi ya sa ya rage motsi, yana tattalin ɗan abin da ke zuwa. Ta ce ɗan ya isa fitowa, kuma ba ta son a sa shi wahalar naƙuda a haka. Tiyata, yanzu.

Na dubi Silifa ina jiran kuka. Sai ta tambayi Sista ko irin nata tabon za a yi mata. Sista ta ce har ya fi nata kyau, likitar nan ta fi mijinki iya ɗinki. Aka miƙo mini takarda na sa hannu, sa hannun da ko ni ban gane shi ba. Sai da aka ɓata minti biyu ana cire fil, wata ma'aikaciya tana tambaya ko matar tela ce.

Na zauna a benci ina jan huɗu ina sakin shida. Ashe abin yana aiki, na yi wata biyu ina koya wa mutum ban taɓa gwadawa ba. Ana kiran la'asar a masallacin bayan asibiti, wato lokacin da Yaya ta so mu jira kafin mu fito daga gida, sai muka ji kuka daga ciki, siriri, mai masifa. Na miƙe, na rungumi Alabi, na rungumi wani mutum da ya zo cire haƙori ya ɓata hanya. Sista ta leƙo ta ce mace ce, kilo biyu da ɗigo shida, uwa tana farke tana tambaya ko mijinta ya suma. Jinin nawa ma ba a buƙace shi ba. Na ɗan ji haushin wannan.

Ran suna, kwana na takwas, muka sa mata Morenike. Yaya ta gaya wa duk wanda ya zo cewa fil goma sha biyu ne suka tsare hanya, Sista Ronke kuma, da ta zo cin shinkafa, ta ce kwarkwaro ne. Aka nemi ra'ayina, na ce ni masaƙi ne, zaren tsaye da na kwance duk ina buƙata. Amma na lura da jikar Yaya ta sami ciki bana, Yaya da kanta ta zo rumfa ta ce in ba ta kwarkwaro goma, kuma kada in tambaye ta.

Saboda ɗinkin, Silifa ta yi makonni ba ta goyo. Don haka wadda ta fara ɗaura majanyin nan Yaya ce. Ta ɗora Morenike a baya, ta ja shuɗin ƙyallen ta ƙulle a ƙirji, ta zagaya tsakar gida tana jijjiga ta. Ta shafa gefen saƙar ta ce bakin ya ɗan karkace, da gani hankalina ba ya wurin. Na duba. Gaskiyarta ne.